Dalilin riƙe kuɗi bayan biya da kati

Idan mutum ya biya da kati, bankinsa kan fara keɓe kuɗin ne, ba ya miƙa su nan take.

Wannan ne ke bayyana a waya da sunan "Pending", har sai mai sayarwa ya nemi a biya shi, galibi cikin 'yan kwanaki.

Alal misali, otal na iya sa a riƙe naira 50,000, amma ɗawainiyar baƙo ta tsaya a 35,000. Ragowar 15,000 za ta koma asusunsa da zarar an saki riƙon.

Idan mai sayarwa bai nemi kuɗin ba, riƙon kan faɗi da kansa bayan kimanin mako guda, sai dai na otal-otal na iya kaiwa wata guda.