Injin Matsar Gyaɗa a Ƙasar Gaya: Lissafin Daga Rumbu Yake Farawa

Da can a Balan da sauran ƙauyukan Gaya da Ajingi, matsar man gyaɗa aikin mata ne a tsakar gida: a soya, a daka a turmi, a zuba ruwan zafi ana juyawa har mai ya taso, a murza tunkuza a yi ƙuli-ƙuli. Gyaɗar maza kuwa buhu-buhu take tafiya Kano, tun da jirgin ƙasa ya fara kwasarta a 1912. Fari na 1973 da cutar da ta cinye gonaki a 1975 suka kwantar da dalar gyaɗa, a 1986 kuma gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Daga nan gyaɗa ta zauna a gida. Injin markaɗe ya fara shigowa, mata na kai soyayyiya, daga baya mai sukuru ya biyo, wanda yake matsewa da kansa.

Mu da muke cikin sana'ar mun sha ganin sabon shiga ya zuba jarinsa kaf a inji, ya mance da abin da injin zai ci. Ga lissafin. Kilo 100 na ɓararriyar gyaɗa busasshiya yana ba da mai kilo 35 zuwa 40, wato jarka ɗaya da rabi da 'yar ɗoriya, sauran tunkuza ce ta masu kiwon kaji da dabbobi. A ce injinka yana cin buhu ɗaya a awa, kana aiki awa shida. Buhu 36 ke nan a mako idan an huta Juma'a. To, wa zai ba ka su a bazara? Wanda bai tara da kaka ba, sai ya bi dillalan Dawanau da tsada, ga kuɗin mota. Shi ya sa tsofaffin hannu suke raba jari: kaso mafi tsoka na gyaɗa, sannan gas da kayan gyara, domin wutar lantarki ba abin dogaro ba ce a ƙauye.

Tunkuza ita ke tona asirin inji. In ta fito da laushi, mai yana kumfa, gyaɗar ba ta bushe ba. In ta fito da kauri tana maiƙo a hannu, sukuru ya cinye, ribarka ce take tafiya a abincin kaji. A ajiye bel da sukuru na ko-ta-kwana, don ranar da aka tafi Ƙofar Ruwa neman ƙarfe ranar asara ce.

Ma'aikata uku sun isa: mai tuƙa inji, mai tsince ruɓaɓɓiya da suya, da mai tacewa da awo. Na tsakiyan ake rainawa, ana ba yaro, alhali gyaɗa mai funfuna tana sa mai ɗaci, tunkuzarta kuma tana kashe kaji. Mai shirin buɗe shago a bana, ya fara samun manoman da za su sayar masa da kaka kafin ya je taya inji.