Addini da Jari: Ra'ayin Max Weber a Ma'aunin Tarihin Fataken Kano

A shekarun 1904 da 1905 masanin zamantakewa na Jamus, Max Weber, ya wallafa nazarinsa a kan ɗabi'ar Kiristoci 'yan Furotesta da ruhin jari-hujja. Ya kafa hujjarsa a kan aƙidar mabiya John Calvin, waɗanda suka yi imani da cewa Allah ya riga ya zaɓi masu tsira tun fil azal, kuma babu aikin da zai sauya wannan hukunci. A ganin Weber, fargabar rashin sanin makoma ta sa suka riƙa neman alamar zaɓin a cikin nasarar sana'a. Sai suka duƙufa ga aiki, suka guji almubazzaranci, suka riƙa mayar da riba cikin jari. Da ya juyo kan Musulunci kuwa, sai ya siffanta shi da addinin mayaƙa wanda bai haifar da irin wannan ɗabi'a ba.

Suka ta farko da aka yi masa ta shafi jerin zamani. Biranen Italiya irin su Fulorans da Benis sun san banki da lissafin riba tun kafin Luther ya yi wa cocin Katolika tawaye a 1517. Birnin Kano ma hujja ce. Kasuwar Kurmi ta kafu a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), kuma da Heinrich Barth ya iso a 1851 ya tarar da rinannun tufafin Kano suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun daɗe suna kai kanwa da tufafi Gwanja su komo da goro, kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a 1980. Tun a 1966 Maxime Rodinson ya bayyana cewa koyarwar Musulunci ba ta hana tara jari ba. Ɗalibin Risala da Muhtasar ma ya san babin da ya halatta wani ya ba da jari, wani ya juya shi, su raba riba ba tare da cin ruwa ba.

Suka ta biyu ita ce mafi nauyi: shin aƙida ce ta haifi ɗan kasuwa, ko kuwa ɗan kasuwa ne ya rungumi aƙidar da ta dace da shi? R. H. Tawney ya nuna a 1926 cewa tasirin ya gudana ta ɓangarorin biyu. A Kano, John Paden ya lura a 1973 da kusancin 'yan kasuwar birni da malaman Salgawa da Tijjaniyyar Shehu Ibrahim Inyas. Sai dai Faila ta bazu ne bayan haɗuwar Shehu da Sarki Abdullahi Bayero a 1937, alhali gidajen fatauci sun riga sun yi ƙarfi. Abner Cohen ya ga abin a fili a unguwar Sabo ta Badun: Hausawa masu cinikin goro da shanu sun shiga Tijjaniyya gungu-gungu a farkon shekarun 1950, daidai lokacin da ake neman ƙwace musu kasuwa. Ɗariƙa ta ɗaure kawunansu, ta tsare bashin da ake bayarwa bisa amana, ba takarda ba shaida.

Suka ta uku ita ce Weber ya rage wa abin duniya nauyi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suke tsammani, amma gyaɗa ce ta cika tasha tun daga 1912. Fataken goro ne suka hango ribarta, suka aika yaransu ƙauyuka da kuɗi da kaya don jawo manoma. Alhassan Ɗantata (1877–1955), wanda ya fito daga Agalawa kuma ya goge a fataucin Gwanja, ya yi fice cikinsu. Imaninsa bai sauya a 1912 ba. Hanya da farashi ne suka sauya.

Duk da haka, tarihin Kano bai kore tasirin addini ba, ya dai nuna shi a wurin da Weber bai duba ba. Falken da ya sauka a gidan fatoma a Salaga ya bar masa kaya da kuɗi ne domin alƙibla ɗaya da shari'a ɗaya sun haɗa su, ga alƙali idan an saɓa. Ilimin allo ya ba shi rubutu da ƙidaya. Zakka da gado kuma sun riƙa rarraba dukiyar da aka tara, har magada su koma nema da kansu. Abin da addini ya ba kasuwar Kano shi ne amana tsakanin mutanen da ba su haɗa jini ba. Allah ne mafi sani.