Jeren bulo: abin lura kafin a yi filasta

A Sakkwato, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, bulo busasshe yakan tsotse ruwan kwaɓin siminti kafin ya kama. Shi ya sa ƙwararren magini ke ɗan yayyafa wa bulo ruwa, ya kuma shayar da bangon kwanaki bayan jere.

Ƙa'idar jere ita ce kowane bulo ya hau tsakiyar biyun da ke ƙarƙashinsa, kada gaɓa ta faɗo kan gaɓa. Inda gaɓoɓi suka miƙe a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, nan tsagewa za ta bi. Kaurin kwaɓin kuwa milimita 10 ne, kusan kaurin ɗan yatsa.

Akan fara ɗaga kusurwoyi, a daidaita su da ma'aunin ruwa da igiya mai nauyi a baki, sannan a ja zare tsakaninsu ga kowane sahu. Kuskuren milimita 3 a sahu, idan ya maimaitu sau 10, ya karkatar da bango santimita 3. Filasta mai kauri na ɓoye wannan. Don haka mai bibiyar kwangilar ajin makaranta ya je tun bangon yana tsirara, ya saki igiya daga samansa, ya ga ko tazararta da bango ɗaya ce har ƙasa.