Naɗin Sarautar Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji, 2022: Gwajin Ra'o'i Uku na Ilimin Zamantakewa a Kan Lamari Ɗaya

Tsakure

Maƙalar ta ɗora ra'in amfanin sassan al'umma, da ra'in rikicin muradu, da ra'in ma'ana a cuɗanya a kan lamari ɗaya, wato naɗa Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji cikin Ƙaramar Hukumar Tsafe a shekarar 2022. An gano cewa ra'i na farko ya bayyana dalilin naɗin, na biyu ya nuna wanda ya ci riba da wanda ya yi asara, amma na uku ne kaɗai ya iya bayyana abin da ya sa rawani ya tayar da ƙurar da sulhun da aka yi da 'yan bindiga a 2019 bai tayar ba.

1.0 Gabatarwa

Ranar Asabar 16 ga Yuli 2022, Sarkin 'Yandoton Daji, Alhaji Aliyu Marafa, ya naɗa Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani a bainar jama'a. Wanda aka naɗa sananne ne a cikin jagororin 'yan bindigar dajin Tsafe, kuma tun 2020 rundunar 'yan sandan Katsina ta sa ladan naira miliyan 5 ga wanda ya taimaka aka kama shi, bayan harin Kadisau a Ƙaramar Hukumar Faskari. Masarautar ta ce neman zaman lafiya ne ya sa ta yi naɗin. Washegari gwamnatin Bello Matawalle a Gusau ta nesanta kanta da abin, ta dakatar da Sarkin.

Duk ra'in da zai bayyana wannan lamari sai ya amsa tambayoyi uku. Me ya sa masarauta ta yi naɗin? Me ya sa aka yi shi a fili, alhali ana iya sulhu a ɓoye? Me ya sa gwamnatin da ita kanta ta zauna sulhu da 'yan bindiga a 2019 ta kasa jure wannan ko da na kwana biyu?

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

A kan ra'in amfanin sassa babu dogon zance. Durkheim (1895) ya ɗauki hukunci a matsayin hanyar da jama'a ke sabunta iyakar abin da ta yarda da shi, Merton (1949) kuma ya raba amfanin da aka nufa da wanda ya zo ba a nufa ba, ya ƙara da cewa al'ada ɗaya kan amfani wani sashe ta cutar da wani.

Saɓanin wannan maƙala yana tare da masu ra'in rikicin muradu, domin su ne suka mamaye rubuce-rubuce a kan Zamfara. Hujjarsu sananniya ce: an rarraba wuraren kiwo da dazuzzuka aka mayar gonaki, an toshe burtali da mashaya, makiyayi ya sha tara mai nauyi a hannun alƙali da ɗan sanda da mai gari in dabbarsa ta yi ɓarna, sannan 'yan sa-kai suka shiga kisa ba shari'a. Babu mai musun wannan, kuma aikin Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo (2021) ya tattara tarihin yadda abin ya rikiɗe ya koma sana'ar bindiga. Matsalar tana ga waɗanda suka mayar da wannan bayani amsar kowace tambaya. Ko garkuwa aka yi da ɗalibai, kamar yadda aka yi wa na Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida cikin Bungudu a Satumba 2023, sai a ce rikicin manoma da makiyaya ne, ko da yake ba gona ba saniya a cikin lamarin. Dahrendorf (1959) ya riga ya faɗaɗa ra'in daga mallakar dukiya zuwa riƙe iko, amma kaɗan ne daga cikin marubutanmu suke bin sa har can.

Ra'in ma'ana a cuɗanya, daga Mead (1934) zuwa Blumer (1969) da Becker (1963), kusan ba a taɓa shi a wannan fage. Ana ganin ra'i ne na ƙananan al'amura, gaisuwa da sutura, wanda bai kai ya yi magana a kan yaƙi ba.

3.0 Hanyar Bincike

An dogara ne ga rahotannin jaridu da gidajen rediyo da sanarwar hukumomi daga 2019 zuwa 2024. An gabatar wa kowane ra'i tambayoyin nan uku, aka auna shi da yawan abin da ya amsa ba tare da aro daga ɗan uwansa ba.

4.0 Sakamako

4.1 Ra'in amfanin sassa

Wannan ra'i yana tambayar aikin da sarautar ke yi. A tsarin gargajiya Sarkin Fulani ko Arɗo shi ne tsani tsakanin fada da ruga: ta hannunsa ake karɓar jangali a da, shi ake nema in an yi ɓarna, shi ke gano saniyar da ta ɓace. Inda hukuma ta kasa tsare manomi a tsakiyar damina, masarauta ta koma ga tsanin da ta sani. Amfanin da aka nufa shi ne a yi noma a ci kasuwa. Wanda ba a nufa ba shi ne koya wa kowane mai bindiga cewa ƙarfi yana kai mutum fada. Ra'in ya amsa tambaya ta farko sarai. A ta uku yakan ce dakatar da Sarki gyaran iyaka ne irin wanda Durkheim ya bayyana, amma bai faɗi dalilin da ya sa iyakar ta tsaya a rawani ba, ba a teburin sulhu ba.

4.2 Ra'in rikicin muradu

Tambayarsa ita ce wa ya samu, wa ya rasa. A nan yana da kaifi. Wanda yake aza wa ƙauyuka haraji kafin shuka da kafin girbi ya riga ya riƙe iko, sarauta kuwa ta ba ikon nan halasci. Kuma sulhun da aka ƙulla da masarauta ɗaya bai ɗaure kowa a Faskari ba, wadda iyaka kawai ta raba ta da Tsafe, don haka lafiyar wani gari tana iya zama asarar maƙwabcinsa. Sai dai layin da ra'in yake ja tsakanin manomi da makiyayi bai zauna daidai ba. Makiyaya suna cikin waɗanda aka fara kwashe wa shanu, kuma masu kai rahoto da man fetur daji suna zaune ne a cikin gari. A tambaya ta biyu kuwa ra'in ya yi shiru. In riba ce kawai ake nema, yarjejeniyar ɓoye ta fi sauƙi ga kowane ɓangare.

4.3 Ra'in ma'ana a cuɗanya

Tushen wannan ra'i shi ne mutane suna mu'amala da abu gwargwadon ma'anar da yake da ita a wurinsu, kuma ma'anar a cikin cuɗanya ake gina ta. Becker ya ƙara da cewa sunan da masu iko suka laƙaba wa mutum shi ke tsara yadda za a yi da shi.

A cikin shekara uku an kira mutane iri ɗaya da sunaye uku. A sulhun 2019 ana cewa tubabbun 'yan bindiga, tubabbe kuwa karɓarsa ake yi, a amshi makaminsa, a ɗauki hoto da shi. A Nuwamba 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana ƙungiyoyinsu a matsayin na 'yan ta'adda, wanda hakan ya sa zama da su ya koma abin tuhuma. A Yuli 2022 masarauta ta ce Sarkin Fulani. Kowane suna yana ɗauke da umarnin yadda za a gaisa, da wanda zai zauna a sama.

Bambancin sulhu da naɗi yana nan. A zaman sulhu mai laifi ne yake zuwa a yafe masa, don haka matsayinsa na ƙasa bai canza ba. A naɗi kuwa, kamar yadda aka saba a fadojin ƙasar Hausa, mutum yakan zauna a gaban Sarki, a zagaya masa rawani, a yafa masa alkyabba, maroƙa su ɗauki kirari, sannan jama'a su biyo shi gida da gaisuwa. Daga wannan rana dattijon da aka kashe wa ɗa, in ya haɗu da shi, al'ada tana bukatar ya rusuna ya ce ranka ya daɗe. Wannan ne abin da sulhun 2019 bai nema daga kowa ba. Kuma shi ya amsa tambaya ta biyu: ba a yin sarauta a ɓoye, domin shaidar jama'a ita ce take tabbatar da ita.

Rawanin yana da fuska biyu, kuma duka biyun daga al'ada suke. Wanda ya durƙusa aka naɗa shi ya yi mubaya'a, ya amince akwai na sama da shi, kuma ana iya kiransa fada a tuhume shi in an yi ɓarna a yankinsa. Mai yiwuwa da wannan fuska fadar ta kalli abin, wato ɗaure mutum da igiyar girma. Waɗanda suka ga hotunan a Gusau da Katsina da Abuja kuwa fuska ta biyu suka gani, wato tukwici ga mai kisa. Gwamnati ba ta mallaki ma'anar da hoton ya ɗauka a waje ba, kuma saura watanni a yi zaɓen 2023. Dakatarwar ta zama biki na biyu da aka yi don goge ma'anar na farko, irin abin da Garfinkel (1956) ya nazarta game da ƙasƙantar da matsayi a gaban jama'a.

Akwai wata illa da wannan ra'i kaɗai ya hango. Sarautar tana ɗauke da sunan ƙabila gaba ɗaya. Shekaru ana fama da masu haɗa Bafulatani da ɗan bindiga a matsayin abu ɗaya, wanda a kansa ne aka riƙa tare makiyaya a kasuwanni. Naɗin ya sa hatimin fada a kan wannan haɗi. Makiyayin da bai taɓa riƙe bindiga ba ya wayi gari da shugaban da bai zaɓa ba, kuma mai zarginsa ya samu hujja.

5.0 Iyakokin Bincike

Ba a yi hira da kowa daga fadar ko daga daji ba, saboda haka abin da aka ce game da nufinsu hasashe ne daga al'ada da sanarwa. Ya kuma zama dole a amince cewa ra'in ma'ana ba ya bayyana inda bindigogin suka fito, ko yadda wuraren kiwo suka ƙare. Wannan fage na ra'in rikicin muradu ne, ko da yake ba shi ne tambayar wannan maƙala ba.

6.0 Kammalawa

A cikin tambayoyi uku, ra'in amfanin sassa ya amsa ɗaya da rabi, na rikicin muradu ya amsa wata tambaya mai muhimmanci da ba a yi masa ba, na ma'ana kuma ya amsa biyun da suka fi wuya. Ana kira ga masu nazarin Zamfara su gwada wannan ma'auni a kan Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Gusau a Janairu 2024, su duba ko sabon suna da kaki sun sauya yadda makiyayi da manomi ke kallon mai tsaron sa-kai.